Rashin saukar ɗan maraina ɗaya a jariri

Rashin saukar ɗan maraina yanayi ne da ake haihuwar jariri namiji alhali ɗaya daga cikin 'ya'yan marainansa, ko duka biyun, bai iso cikin jakar maraina ba. Likitoci na kiransa kiriftokidizim, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka mai ma'anar ɓoyayyen ɗan maraina. Yana daga cikin matsalolin al'aura da aka fi haihuwar yara maza da su. Ana samunsa a kusan jariri 3 cikin 100 na waɗanda suka cika watanninsu, kuma yakan kai kusan 30 cikin 100 a bakwaini. A mafi yawan lokuta gefe ɗaya ne abin yake shafa.

Da yawa daga cikin waɗannan 'ya'yan maraina suna sauka da kansu a watannin farko na rayuwa, ta yadda idan yara suka shekara ɗaya kusan 1 cikin 100 ne kawai ke sauran da matsalar. Wannan saukar tana da iyakar lokaci. Ƙa'idar da likitocin tiyatar yara suke bi ita ce a jira har jariri ya cika wata 6, idan bai sauka ba a tura shi ga likitan tiyata, a yi aikin kafin ya wuce wata 18. Akwai kuma wasu alamomi da ke soke jiran gaba ɗaya, su wajabta tura jariri nan take.

## Yadda ɗan maraina ke sauka

'Ya'yan maraina ba a cikin jaka ake fara halittarsu ba. Suna tasowa ne a cikin cikin ɗan tayi, ta baya, kusa da ƙoda, sannan su yi tafiya zuwa ƙasa a mataki biyu. A mataki na farko, tsakanin mako na 8 zuwa na 15 na juna biyu, suna gangarowa zuwa ƙasan mara, su tsaya a bakin wata hanya da ke ratsa tsokar ciki a daidai matsematsi, wato inda cinya ta haɗu da mara. A mataki na biyu, daga wajen mako na 25 zuwa na 35, suna bi ta wannan hanya su faɗa cikin jaka. Wani zare mai kauri da ake kira gubanakulum ne ke yi musu jagora, kuma likitan tiyata ɗan ƙasar Sikotilan John Hunter ne ya sa masa wannan suna a shekarar 1762. Mataki na biyu ya dogara ne a kan homon ɗin namiji, wato testosteron.

Wannan jadawali ne ya bayyana abin da ya sa matsalar ta fi yawa a bakwaini. Jaririn da aka haifa a mako na 30 ya zo duniya ne tafiyar ba ta ƙare ba. Ƙarancin nauyi a lokacin haihuwa, da samun irin matsalar a mahaifi ko ɗan'uwa, da shan taba sigari yayin juna biyu, duk suna ƙara yiwuwar faruwarta. A mafi yawan yara ba a gano wani dalili guda.

Bayan haihuwa, homon ɗin namiji yana ƙaruwa na ɗan lokaci a jikin jariri, ya kai ƙololuwa a wajen wata na 2 zuwa na 3, sannan ya ragu ƙwarai kafin wata na 6. A cikin wannan ɗan tsakani ne ɗan marainan da ya makara ke samun damar ƙarasa tafiyarsa. Mafi yawan masu sauka da kansu suna sauka ne cikin wata 3 na farko. Bayan wata 6 abu ne mai wuya ya sauka, kuma jiran balaga da fatan zai faɗo da kansa ba shi da tushe a ilimin likitanci.

## Abin da rashin jin ɗan maraina ke nufi

Idan aka taɓa jaka aka ji gefe ɗaya babu komai, ɗan marainan na iya kasancewa a ɗaya daga cikin yanayi huɗu, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko shi ne wanda ya tsaya a kan hanya. Yana nan a matsematsi ko a saman jaka, ana iya jin sa da hannu, amma ba ya kaiwa gindin jaka, ko kuma idan an jawo shi aka saki sai ya koma sama nan take. Wannan ne ya fi yawa. Kimanin kashi 80 cikin 100 na 'ya'yan marainan da ba su sauka ba ana iya jin su da hannu idan mai dubawa ya ƙware.

Na biyu shi ne mai hawa da sauka. Wannan ya riga ya sauka, sai dai wata siririyar tsoka mai suna kiremasta tana jan sa sama idan yaro ya ji sanyi, ko tsoro, ko aka shafi cikin cinyarsa. Ana iya saukar da shi har gindin jaka ba tare da jin tsauri ba, kuma yakan zauna can na ɗan lokaci bayan an sake shi. Wannan tsoka ba ta da ƙarfi sosai a watannin farko, shi ya sa dubawar da aka yi lokacin haihuwa take da daraja: idan an rubuta cewa duka biyun suna cikin jaka a ranar haihuwa, wannan shaida ce da za ta taimaka wa likita shekaru bayan haka.

Na uku shi ne wanda ya kauce hanya. Ya fito daga hanyar matsematsi amma ya nufi wani wuri dabam, kamar ƙarƙashin fatar mara, ko saman cinya, ko tsakanin jaka da dubura, ko gindin mazakuta. Irin wannan ba ya sauka da kansa komai tsawon jira.

Na huɗu shi ne wanda ba a jin sa ko'ina, kuma shi ne ragowar kashi 20 cikin 100. Kusan rabin irin waɗannan suna nan a cikin ciki ko a bakin hanyar matsematsi ta ciki. Sauran kuwa ko dai sun shanye ko babu su sam, galibi saboda jijiyoyin jininsu sun murɗe tun jariri yana cikin mahaifa, ɗan marainan ya mutu ya bar ɗan guntun tabo. Hannu kaɗai ba ya iya bambance wanda ke ɓoye a ciki da wanda ya shanye.

## Yadda ake dubawa

Dubawa da hannu ita ce ginshiƙin gano wannan matsala, kuma kuskure a cikinta ne ke sa a tura yaran da ba su da buƙata, a kuma bar masu buƙata. Ana so ɗakin ya kasance da ɗumi, hannun mai dubawa ma da ɗumi, jariri kuma a natse, misali bayan ya sha nono. Ana kwantar da shi rigingine a ware cinyoyinsa kamar na kwaɗo.

Kafin a taɓa, ana fara kallon jakar. Gefen da bai taɓa ɗaukar ɗan maraina ba yakan zama ƙarami, a shafe, ba shi da yawan tamoji. Jakar da ta cika ta yi tamoji sosai amma babu komai a cikinta a lokacin dubawa ta fi nuna mai hawa da sauka. Ana kuma duba mazakuta: girmanta, da inda kafar fitsari ta buɗe.

Daga nan mai dubawa ya ɗora yatsun hannu ɗaya a kan tudun ƙashin ƙugu ta gaba, ya shafo a hankali yana ɗan dannawa, ya bi layin matsematsi zuwa jaka, kamar mai tatso abu. Ɗan sabulu ko mai a yatsu yana taimakawa a ji lokacin da ɗan marainan ya zame a ƙarƙashinsu. Ɗaya hannun yana jira a saman jaka don ya kama shi. Idan an kama, sai a jawo shi a hankali zuwa gindin jaka, a riƙe kamar minti ɗaya har tsokar ta gaji, sannan a saki. Wanda ya zauna mai hawa da sauka ne. Wanda ya koma sama nan take, ko ya ƙi isowa, bai sauka ba. Idan ba a ji komai a matsematsi ba, sai a laluba wuraren da ɗan maraina ke kaucewa kafin a yanke cewa ba a jin sa.

Abubuwa biyu sukan ruɗi mai dubawa. Kaluluwar matsematsi tana iya kama da ɗan maraina, sai dai takan kasance ƙasa da layin matsematsi kuma ba ta zamewa zuwa jaka. Haka nan a jariri mai ƙiba, kitsen mara yana ɓoye ɗan marainan da ke nan. Ana kuma duba na ɗaya gefen: idan ya yi girma fiye da yadda ya kamata, wato tsawonsa ya wuce kimanin santimita 1.8 a ƙaramin yaro, hakan na nuna wataƙila ɗan'uwansa ya shanye. Wannan alama ce kawai, ba ta isa ta hana bincike ba.

## Lokacin da ake jira

Jira ya halatta idan sharuɗɗa huɗu suka cika tare: gefe ɗaya ne abin ya shafa, ɗaya ɗan marainan yana cikin jaka lafiya, mazakuta ba ta da wani aibu, kuma babu kumburi ko ciwo a matsematsi. A wannan hali ba a ba da magani, ba a kuma yin hoto. Ana rubuta abin da aka gani a katin jariri, gefen dama ko hagu, da wurin da aka ji shi idan an ji, sannan a sake dubawa a kan lokaci.

A Birtaniya, tsarin duba jarirai ya tanadi dubawa cikin awa 72 da haihuwa, da wata a mako na 6 zuwa na 8, sannan a sake duba wanda bai sauka ba a wata na 4 zuwa na 5. A Najeriya, ranakun allurar rigakafi na mako na 6, da na 10, da na 14 suna ba da irin wannan dama, domin a lokacin ne ake kai yawancin jarirai cibiyar lafiya, har da waɗanda aka haifa a gida ba wanda ya duba su. Iyaye ma suna iya lura da jakar lokacin wanka da ruwan ɗumi, sa'ad da tsokar ta saki.

Ana ƙirga wata 6 ɗin ne daga ranar da ya kamata a haifi jariri, ba daga ranar da aka haife shi ba. Ana ɗaukar cikakken ciki a matsayin mako 40. Jaririn da ya zo a mako na 32 ya riga lokacinsa da mako 8, wato kusan wata 2, saboda haka wa'adinsa zai cika ne idan ya kai wata 8 da haihuwa.

A lokacin jira, matsa matsematsi da ƙarfi ko tausa don a tilasta wa ɗan maraina sauka ba ya amfani, kuma yana iya ji masa rauni. Gashi da ruwan zafi, da tsaga, da shan jiƙo ba sa ƙara tsawon jijiyoyin da suka riƙe shi a sama.

## Lokacin da ake turawa

Idan wata 6 ya cika ɗan marainan bai zauna a jaka ba, ana tura jariri ga likitan tiyatar yara ko likitan mafitsara, ko ana jin sa a matsematsi ko ba a ji. Ƙa'idar Ƙungiyar Likitocin Mafitsara ta Amurka ta shekarar 2014 ta sa wa'adin turawa a wata 6, ta kuma nemi a yi tiyata kafin wata 18. Ƙa'idar likitocin Turai ta fi son a yi tsakanin wata 6 da 12, kada dai a wuce 18. Duk yaron da aka gano matsalarsa bayan wata 6, ko da ya shekara biyar ko goma, ana tura shi ne a lokacin da aka gano, ba tare da wani sabon jira ba. Wanda aka tabbatar ya kauce hanya ma babu amfanin jira a kansa.

Ba a buƙatar hoton sikanin kafin turawa. Wani nazari da Tasian da Copp suka wallafa a 2011, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa sikanin na gano kusan kashi 45 cikin 100 ne kawai na 'ya'yan marainan da ba a ji da hannu. Idan hoton ya ce an gani, tiyata za a yi. Idan ya ce ba a gani ba, har yanzu sai an duba cikin ciki. Saboda haka sakamakonsa ba ya sauya mataki na gaba, sai dai ya ci kuɗi ya jawo jinkiri, ko ma ya sa iyaye su ɗauka babu ɗan marainan su daina bibiya.

Mai hawa da sauka ba ya buƙatar tiyata, amma ana duba shi sau ɗaya a shekara har zuwa balaga. Dalili kuwa shi ne wasu daga cikinsu suna komawa sama su maƙale yayin da yaro ke tsawo, idan igiyar da ke riƙe da su ba ta yi tsawo daidai da jiki ba. Wanda ya maƙale haka ana yi masa aiki kamar wanda bai taɓa sauka ba.

## Alamomin da ba sa jira

Akwai yanayi huɗu da ƙa'idar wata 6 ba ta aiki a kansu.

Na farko shi ne idan ba a ji ko ɗaya daga cikin biyun ba a sabon jariri. Wannan na buƙatar likitan yara ya gan shi cikin kwana ɗaya. Mai yiwuwa ne jaririn mace ce a halittar ciki, wadda wani ciwon gado na ƙulluwar adirinal da ke saman ƙoda ya sa al'aurarta ta yi kama da ta namiji. Yawancin masu wannan ciwo suna zubar da gishirin jiki, kuma a cikin mako na biyu zuwa na uku sukan fara amai, su ƙi shan nono, jikinsu ya bushe, har ya kai ga mutuwa idan ba a gano ba. Gwajin jini na homon da na gishirin jiki da na ƙwayoyin halitta ne ke tantancewa.

Na biyu shi ne idan gefe ɗaya ne bai sauka ba amma mazakuta tana da aibu, wato kafar fitsari ta buɗe ta ƙarƙashi maimakon a kai, ko mazakutar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ko jakar ta rabe biyu. Haɗuwar waɗannan na iya nuna matsala a bambancewar jinsi, musamman idan ba a jin ɗan marainan da hannu. Irin wannan jariri ana tura shi tun a kwanakin farko, kuma ba a yi masa kaciya sai an kammala bincike, domin ana iya buƙatar fatar loɓa wajen gyaran hanyar fitsari.

Na uku shi ne murɗewa. Ɗan marainan da bai sauka ba ya fi saurin murɗewa a kan jijiyoyinsa, jini ya daina isa gare shi. Alamarsa kumburi ne mai tauri da zafi a matsematsi, a gefen da jaka take wofi, tare da kukan da ba ya lafawa, wani lokaci da amai ko jan fata. Damar ceto shi tana raguwa sosai bayan kimanin awa 6, don haka asibitin da ake tiyata ake nufa kai tsaye, ko da tsakar dare ne.

Na huɗu shi ne ƙaba. Yawancin 'ya'yan marainan da ba su sauka ba suna tare da wata 'yar jaka da ta rage a buɗe tsakanin ciki da matsematsi, kuma hanji na iya shiga cikinta. Kumburin da ke fitowa idan jariri yana kuka ya koma idan ya natsu yana buƙatar ganin likitan tiyata cikin kwanaki kaɗan, kuma akan gyara ƙabar da wuri, galibi tare da saukar da ɗan marainan. Idan kumburin ya ƙi komawa, ciki ya kumbura, ko amai ya zama kore, wannan gaggawa ce ta take.

## Dalilin sa wa'adi

Jakar maraina ta fi cikin jiki sanyi da kimanin digiri 2 zuwa 3 a ma'aunin Salshiyas, kuma ƙwayoyin da za su samar da maniyyi suna buƙatar wannan sanyin. A ɗan marainan da ya zauna a sama, waɗannan ƙwayoyi suna fara raguwa daga wajen shekara ɗaya, kuma asarar tana ƙaruwa da shekaru. Wani gwaji da aka yi a Suwidin ya nuna cewa 'ya'yan marainan da aka saukar a wata 9 sun fi girma daga baya a kan waɗanda aka bari sai shekara 3.

Game da haihuwa, sakamakon gefe ɗaya yana da kyau. Bincike a Amurka ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 na mazan da aka yi wa aikin gefe ɗaya suna yara sun samu haihuwa, adadin da ya yi kusa da na sauran maza. A waɗanda abin ya shafi gefe biyu adadin ya sauka zuwa kusan kashi biyu cikin uku. Ɗan maraina ɗaya lafiyayye ya isa ya kawo balaga da ƙarfin namiji.

Haɗarin ciwon dajin maraina ma yana da alaƙa da lokacin aiki. Nazarin Pettersson da abokan aikinsa na shekarar 2007, wanda ya bibiyi maza kusan 17,000 a Suwidin, ya gano cewa waɗanda aka yi wa tiyata kafin shekara 13 haɗarinsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau 2, waɗanda aka yi wa daga 13 zuwa sama kuwa ya ninka fiye da sau 5. Ciwon kansa ba mai yawa ba ne, saboda haka mafi yawan waɗannan maza ba sa kamuwa. Tiyata ba ta kawar da haɗarin gaba ɗaya, amma tana kawo ɗan marainan inda za a iya jin ƙullutu da wuri.

## Abin da likitan tiyata ke yi

Aikin saukar da ɗan maraina da ɗaure shi a jaka ana kiransa okidofeksi. Thomas Annandale ne ya fara yin sa cikin nasara a birnin Edinburgh a 1877. Idan ana jin ɗan marainan da hannu, ana sa yaro barci, a yi ƙaramin yanka a matsematsi, a warware jijiyoyin jini da bututun maniyyi daga abin da ya riƙe su, a ɗaure jakar ƙaba, sannan a ajiye ɗan marainan cikin wani aljihu da aka yi a ƙarƙashin fatar jaka. Yawanci ana sallamar yaro a ranar, kuma nasarar aikin ta haura kashi 90 cikin 100.

Idan ba a jin sa, ana fara sake dubawa bayan yaro ya yi barci, domin a lokacin tsokoki sun saki kuma wasu sukan bayyana. Idan har yanzu ba a ji ba, sai a shigar da siririyar kyamara ta cibiya, aikin da ake kira lafaroskofi. Idan an ga jijiyoyin jini sun ƙare a cikin ciki ba tare da ɗan maraina ba, an tabbatar ya shanye, bincike ya ƙare. Idan jijiyoyin sun shige hanyar matsematsi, sai a bi su a duba, a cire guntun tabo idan shi aka samu. Idan ɗan marainan yana cikin ciki kusa da bakin hanya, ana saukar da shi a zama ɗaya. Wanda ya yi nisa sama kuma jijiyarsa ta gaza, ana bin hanyar Fowler da Stephens: a datse babbar jijiyar, a bar ƙananan jijiyoyi su ƙarfafa na kimanin wata 6, sannan a saukar da shi a aiki na biyu. Wannan hanya ta fi haɗarin shanyewar ɗan marainan daga baya.

An taɓa yawaita amfani da allurar homon don saukar da shi, amma nasararta kusan kashi 20 cikin 100 ce kawai, wasu kuma sukan koma sama. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta 2014 ta hana amfani da ita don wannan manufa.

## Misali

A ɗauki jaririn da aka haifa a mako na 34, ungozoma ta ji ɗan maraina na hagu a jaka, ba ta ji na dama ba. Mazakutarsa daidai take, babu kumburi, yana shan nono sosai. Sharuɗɗan jira sun cika, sai aka rubuta a katinsa. Tunda ya riga lokacinsa da mako 6, wa'adinsa zai cika ne a wajen wata 7 da rabi da haihuwa.

A ranar rigakafin mako na 6 ba a ji komai a dama ba. A mako na 14 aka ji wani abu mai santsi kamar ƙwayar gyaɗa a matsematsi, yana gangarowa zuwa saman jaka amma yana komawa da zarar an saki. Wannan ya mai da shi cikin rukunin waɗanda ake ji da hannu, kuma har yanzu akwai sauran lokaci. A wata 7 da rabi aka tarar yana nan inda yake. Daga nan aka rubuta takardar turawa mai ɗauke da makon haihuwa, da gefen da abin ya shafa, da abin da aka ji a kowace dubawa, ba tare da hoton sikanin ba. Likitan tiyata ya tabbatar, aka yi aikin yana wata 11, aka sake duba shi bayan wasu watanni don ganin ɗan marainan ya zauna kuma bai shanye ba.

Da a ce a wata na 4 aka kawo shi yana kuka da kumburi mai tauri a matsematsin dama, lissafin wa'adi ya faɗi, tiyatar gaggawa ake nema. Da kuma a ce ungozomar ta ga kafar fitsari a ƙarƙashin mazakuta tun ranar haihuwa, da an tura shi a makon farko.

## Halin da ake ciki a ƙasar Hausa

Rahotannin asibitocin koyarwa a Najeriya sun sha nuna cewa yara da yawa suna zuwa ne bayan wa'adin ya wuce da shekaru. Haihuwa a gida ba tare da an duba jariri ba, da kunyar magana kan al'aura, da zaton cewa zai sauka da kansa, suna cikin abubuwan da ke jawo hakan. Da yake abin ba ya ciwo, babu abin da ke tilasta zuwa asibiti. A wuraren da ake jinkirta kaciya sai yaro ya kai shekara shida ko bakwai, wani lokaci wanzami ko ma'aikacin lafiya ne ke fara lura a ranar kaciyar.

Ana yin wannan tiyata a sassan tiyatar yara na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Yaron da ya zo a makare har yanzu ana saukar masa da ɗan marainan idan bai balaga ba. Bayan balaga kuwa, idan ɗaya gefen lafiyayye ne, likita kan tattauna da mai matsalar kan cire wanda ya maƙale, musamman idan a cikin ciki yake, domin da wuya ya samar da maniyyi kuma ba a iya sa masa ido a inda yake. Duk wanda aka yi wa aikin yana yaro ana koya masa ya riƙa duba 'ya'yan marainansa da kansa daga lokacin balaga, ya kai kansa asibiti idan ya ji ƙullutu ko sauyin girma.